Wurin Tsayuwar Mai Bincike da Abin da Ke Shiga Littafinsa: Lura Daga Ciki da Rubutun Fage a Ɗakin Kwantar da Marasa Lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake yin lura daga ciki a ɗakin kwantar da marasa lafiya mai cunkoso, da yadda abin da mai bincike ya gani yake komawa rubutun da za a iya kafa hujja da shi. Abin da take son tabbatarwa shi ne, a ɗakin asibiti babu gurbin da aka keɓe wa mai kallo, don haka wurin da mai bincike ya tsaya da matsayin da mutanen ɗakin suka ba shi su ne ke yanke abin da zai gani. Rubutun fage da bai nuna waɗannan biyun ba, bai kuma raba abin da aka gani da abin da aka ji da abin da aka zata ba, ba zai ɗauki nauyin hujja ba. An bi labarin allura guda ɗaya da ta yi latti domin nuna yadda aikin yake a aikace.

Gabatarwa



Tun daga aikin Bronislaw Malinowski a tsibiran Trobriand, wanda ya fito a littafi a 1922, masu nazarin rayuwar al'umma suka riƙi ƙa'idar cewa wanda ke son sanin mutane sai ya zauna cikinsu, ya ji harshensu, ya ga abin da suke yi ban da abin da suke cewa suna yi. An daɗe da shigar da wannan hanya asibiti. Erving Goffman ya yi kusan shekara guda, daga 1955 zuwa 1956, a asibitin masu taɓin hankali na St. Elizabeths da ke Washington, a matsayin mataimakin mai kula da wasanni. Julius Roth ya rubuta littafinsa na 1963 bayan shi kansa ya yi jinyar tarin fuka. A yankinmu kuma, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun jagoranci bincike a cibiyoyin lafiya na birane biyar, wato Abidjan da Bamako da Conakry da Dakar da Yamai, aka buga sakamakon a 2003. Abin da ya fito fili a aikin nasu shi ne tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da dokar da ma'aikata ke bi a aikace. Takardar tambayoyi ba ta kamo wannan tazara, domin wanda aka tambaya zai faɗi dokar da ke rubuce ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, haka aka koya masa.

Abin da zan kawo ya fito ne daga zaman da na yi a ɗakin maza na sashen cututtukan ciki, a wani babban asibiti a arewacin Nijeriya, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda alkawarin da na yi wa ma'aikatansa. Ba sakamakon binciken zan gabatar ba. Hanyar aikin ita ce abin da na ga ya fi cancanta mu tattauna, domin ɗalibanmu da yawa suna rubuta cewa sun yi amfani da lura a babi na uku na kundinsu, amma idan ka nemi rubutun fagen sai a miƙo maka shafi biyu na ra'ayi.

Wa za ka zama a ɗakin?

A 1958 Raymond Gold ya kasa matsayin mai lura gida huɗu, daga wanda ya shige cikin aikin mutane gaba ɗaya ba tare da sun san yana bincike ba, zuwa wanda ya tsaya gefe yana kallo kawai, da matsayi biyu a tsakani. Wannan rabo yana da amfani a aji. A ɗakin asibiti kuwa, mutane iri uku ne: marar lafiya, ma'aikaci, da mai jinya ko mai dubiya. Duk wanda ya shigo sai an jefa shi cikin ɗayan ukun, ko ya so ko bai so ba.

Zama marar lafiya na ƙarya an gwada shi. William Caudill ya kwanta a ɓoye a wani asibitin masu taɓin hankali a Amurka, daga baya kuma ya koma bincike a fili. Sjaak van der Geest da Samuel Sarkodie sun gwada irin wannan a wani asibiti a Gana, suka ba da rahoton gwajin a 1998. A yau da wuya kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da haka, kuma ina ganin da gaskiyarsa, domin gadon da mai lafiya ya tare gado ne da wani ke jira a sashen gaggawa. Zama ma'aikaci kuma sai ga wanda dama ma'aikaci ne. Shahaduz Zaman, wanda ya yi nazarin ɗakin masu karaya a wani asibitin koyarwa a Bangladesh, littafinsa ya fito a 2005, likita ne, kuma hakan ya buɗe masa ƙofofin da ba za su buɗu ga wani ba. To amma farar riga tana da nata tsada: marar lafiya da danginsa suna yi wa mai ita irin maganar da ake yi wa likita. Shi ya sa Gitte Wind, bayan aikinta a asibitocin Denmark, ta yi jayayya a 2008 cewa abin da mafi yawanmu ke yi a asibiti bai kai a kira shi shiga cikin aiki ba, lura ce da ake sasantawa a kanta kullum da mutanen wurin.

Haka na tarar. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a ta shigar da ni ƙofar asibitin, amma shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin ita ce ta yanke inda zan zauna. Ta ba ni kujera kusa da teburin nas-nas. A makonnin farko masu jinya suna kirana likita, suna miƙo mini takardar gwaji in duba musu, duk da ban sa farar riga ba. Nas-nas kuwa sun ɗauka hukumar asibiti ce ta turo ni in ƙirga kurakuransu. Na gane haka ne da na ga ana wanke hannu fiye da ƙima idan ina kusa, hira kuma tana mutuwa da na ciro biro. Wannan canjin hali da kasancewar mai kallo ke jawowa sananne ne, amma a ɗakin da nas biyu ke riƙe da gado talatin da ɗoriya ba ya daɗewa. Aiki ya fi ƙarfin a yi ta yi wa baƙo kwalliya. Abin da ke daɗewa shi ne matsayin da aka ba ka.

Daga teburin nas-nas, abin da ake gani shi ne masu jinya suna damun ma'aikata da tambaya, suna cika ɗaki, suna ƙin fita lokacin zagayen likitoci. Da na koma zama a baranda, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma su jira a gama zagayen, sai ɗakin ya zama wani daban: mutane ne da suka baro gona da kasuwa, su ke wanke marar lafiya, su ciyar da shi, su juya shi, su kai jini ɗakin gwaji, su sayo magani, sannan a kore su daidai lokacin da ake yanke shawarar da su za su biya kuɗinta. Duka biyun gaskiya ne. Wanda ya zauna a wuri ɗaya zai rubuta rabin ɗakin yana tsammanin ya rubuta duka. Saboda haka na riƙa raba zamana tsakanin teburi, baranda, da bin bayan zagaye, na kuma rarraba shi kan aikin safe da na yamma da na dare, har da Juma'a da Lahadi. Ƴan aikace-aikacen da na yarda in yi ba su wuce riƙe ledar ƙarin ruwa yayin da ake canza zanen gado, nuna wa baƙo hanyar famasi, da fassara idan likitan ba ya jin Hausa ba. Ko fassarar ma tana da haɗari, domin ranar da ka fassara maganar likita ka zama bakinsa a idon dangin.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. Ni namiji ne, ba zan kwana a ɗakin mata ina rubutu ba, kuma ko da rana akwai maganar da mai jinya mace ba za ta yi a gabana ba. Duk abin da zan faɗa na ɗakin maza ne.

Daga ɗan guntun rubutu zuwa cikakken bayani

Rubutun fage hawa-hawa ne. Na farko shi ne ƴan kalmomin da ake karcewa a cikin ɗakin, a ƙaramin littafin da zai shiga aljihu. Aikinsu kawai su tayar da tunani daga baya, don haka abin da ke shiga shi ne abin da ƙwaƙwalwa ke saurin zubarwa: lokaci, lambar da na ba gado, wanda ya yi magana, da ainihin kalmomin da ya furta a harshen da ya furta su. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wurinmu, inda likita zai yi wa abokin aikinsa Turanci a kan gadon, ya juyo ya yi wa ɗan marar lafiya jimla ɗaya da Hausa. Tsawon abin da aka faɗa da kowane harshe shi kansa bayani ne. Lokacin da ake rubutu ma abin lura ne. A bayan zagaye kowa na riƙe da biro, ba wanda zai kula da kai. A gaban wanda yake numfashin ƙarshe kuwa, littafi yana komawa aljihu. Waya ban yi amfani da ita ba, domin a ɗakin asibiti wanda ya ɗaga waya ana zaton hoto yake ɗauka.

Hawa na biyu shi ne cikakken bayani, wanda ake zama a rubuta bayan an fito. Robert Emerson da Rachel Fretz da Linda Shaw, a littafinsu na 1995 kan rubutun fage, sun ba sabon shiga shawarar ya bar fage bayan awa uku zuwa huɗu domin ya samu ƙarfin rubutu, kuma ya rubuta kafin ya ba kowa labari. Dalilin na biyun shi ne, da zarar ka ba da labari da baki, ka riga ka yi masa kai da gindi, ka zubar da abin da bai dace da tsarin ba, kuma wannan gyararren labarin ne zai hau takarda. A nawa aikin, kowace awa ta zama a ɗaki tana cin fiye da awa guda ta rubutu. Wanda ya yi aikin dare ya dawo ya kwanta kafin ya rubuta, zai tashi da manyan abubuwa, amma jerin faruwarsu ya rikice, kuma a asibiti jerin shi ne kusan komai.

Leonard Schatzman da Anselm Strauss sun ba da shawara a 1973 a raba rubutu uku: abin da aka lura da shi, tunanin da ya taso a kansa, da bayani kan hanyar aikin. Na bi wannan, amma na ƙara tsaga kashi na farko gida biyu, abin da idona ya gani da abin da aka gaya mini, kowanne da alamarsa a gefen shafi. A ɗakin da abu biyar ke faruwa lokaci guda, mafi yawan abin da mai bincike ya sani ji ya yi, kuma bayan wata biyu ba zai iya tuna wanne ya gani wanne aka ba shi labari ba.

Allurar ƙarfe shida

Wani dattijo manomi, wanda na ba lambar G9 a littafina (ba ita ce lambar gadonsa ta gaskiya ba), an kwantar da shi da ciwon huhu. A zagayen safe aka canza masa allurar kashe ƙwayoyin cuta zuwa wata da za a riƙa yi masa ta jijiya sau biyu a rana, shida na safe da shida na yamma. Ɗansa ne ke jinyarsa, saurayi ɗan kimanin shekara ashirin. Ranar ina zaune a baranda har la'asar, daga nan na koma ƙarshen ɗakin kusa da ƙofa. Ga abin da ke cikin ƙaramin littafina:

11:10 zagaye G9, sabuwar takarda, ɗa a waje. 11:50 nas ta ba ɗa takarda, "ka sayo kafin shida." 1:30 ɗa a baranda, waya, "Yaya bai ɗauka ba." 4:40 ɗa ya fita, takarda a hannu. 6:05 keken magani G9, nas ta buɗe loka, ta rufe, ta wuce. 7:20 ɗa ya dawo, baƙar leda, ƙarƙashin filo. Ya kalli tebur, ya zauna. 7:35 ni.

Waɗannan layuka ba za su yi wa kowa amfani ba sai ni, kuma ni ma na ƴan awanni ne. A daren na mayar da su cikakken bayani. Ga yadda ɓangaren ƙarfe bakwai ya fito:

"Da 7:20, ina kan benci kusa da ƙofa, kimanin gado uku daga G9, ɗan ya shigo riƙe da baƙar leda ƙarama. Ya gaida mahaifinsa, ya ɗaga filo ya tura ledar ƙarƙashi. Ya miƙe ya fuskanci teburin nas-nas. Nas ɗaya ce a wurin, tana rubutu a babban littafin rahoto, kanta a ƙasa. Ɗayar tana gadon ƙarshe tana neman jijiyar wani. Ya yi taku biyu zuwa teburin, ya tsaya, ya dawo ya zauna a kan tabarma. Bai yi wa kowa magana ba. Da 7:35 na je na tsuguna kusa da shi, na ce, 'Sannu da dawowa, an samu maganin?' Ya ce an samu. Na ce ya gaya wa sista? Ya ce, 'Ai lokaci ya wuce, kada ta yi faɗa. Sai ta zo.'"

A lura babu kalmar tsoro ko kunya a cikin abin da na gani. Taku biyu da komawa shi ne abin da ya faru. Tsoron faɗa daga bakinsa ya fito, don haka ya shiga ƙarƙashin abin da aka gaya mini. Haka nan labarin yininsa: cewa kuɗin hannunsa bai kai ba, yayansa da ke riƙe da kuɗin gida yana gona ba a same shi ba sai bayan la'asar, da aka turo kuɗin sai da ya bi layi wajen mai cirar kuɗi, ya je famasin asibiti aka ce guda ɗaya ta rage, ya fita kemis na bakin titi ya cike. Ban bi shi ba, ban ga ko ɗaya daga ciki ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne lokacin fitarsa, lokacin dawowarsa, da jimlar da na ji yana faɗa a waya.

Layin ƙarshe na guntun rubutun, "7:35 ni", shi ne wurin da mai kallo ya zama mai hannu a cikin lamarin. Na san maganin yana ƙarƙashin filo, nas ba ta sani ba, kuma zagayen magani na gaba sai ƙarfe goma. Tun farkon aikin mun yi yarjejeniya da shugabar ɗakin cewa ba zan ba da shawarar magani ba, amma idan na ga abin da zai cutar da marar lafiya zan sanar da nas da ke bakin aiki nan take. Na ce wa yaron mu je tare. Ya gaya mata, ta ce, "Me ya sa ba ka faɗa tun ɗazu ba?", ta ajiye biro ta haɗa allurar, aka yi ta kafin takwas. Ba na shakkar cewa abin da ya kamata ke nan. Amma dole rubutun ya nuna shi, domin jinkirin da na auna, kusan awa biyu, jinkiri ne na ɗakin da nake ciki. Ba ni da ikon cewa da ba na nan sai goma, ko da yake ina zaton haka, kuma a shafin zato na rubuta shi.

Washegari na ga yadda lamarin ya shiga takardun asibiti. A takardar magani akwai alamar babu magani a gurbin shida, da sa hannu a gefe da lokacin da aka yi. A rahoton miƙa aiki an rubuta cewa dangi sun kawo magani a makare. A zagaye ƙaramin likita ya shaida wa babba da Turanci cewa an samu jinkiri saboda dangin ba su sayo da wuri ba, babban ya gyaɗa kai aka wuce. Ɗan yana baranda a lokacin. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma a kowane hawa labarin yana gajarcewa, kuma abin da ke saura shi ne laifin dangi. Minti arba'in da takardar ta yi kafin ta isa hannun yaron, rashin cikar maganin a famasi, da rashin wata hanya da mai jinya zai sanar da nas cewa magani ya iso ba tare da ya katse mata aiki ba, duk sun faɗi a hanya.

A shafin tunani na rubuta tambaya, ban rubuta hukunci ba: shin wannan yaron ne mai nauyin baki, ko kuwa haka tsarin yake yi da kowa? Abu ɗaya da ya faru sau ɗaya ba ya amsa wannan. Abin da ya yi shi ne ya gaya mini inda zan zauna a makonnin da suka biyo, wato kusa da ƙofa tsakanin shida da takwas na yamma, ina duba masu shigowa da leda. Na ga masu yin irin na yaron. Na kuma nemi waɗanda suka saɓa, na same su: waɗanda suka daɗe suna jinya sun san su ajiye maganin a kan loka inda za a gani, wasu kuma suna ba mai shara saƙo ta gaya wa sista, domin ita ba ta jin nauyin teburin. Waɗannan da suka saɓa su suka gyara mini fahimta. Matsalar ta fi kama sabon zuwa, kuma ilimin yadda ake bi da ɗakin yana yawo ne a baranda, daga tsohon mai jinya zuwa sabo, ba daga ma'aikata ba. Da na tsaya a kan G9 kaɗai da na rubuta labarin kunyar ɗan ƙauye, wanda ba shi ne lamarin ba.

Yadda ake gane rubutu ya fara lalacewa

Alama ta farko ita ce siffa ta maye gurbin aiki. Idan ka ga "nas ta nuna halin ko-in-kula" ko "ɗakin ya rikice", to hukunci aka rubuta, an zubar da shaidar. Gwajin mai sauƙi ne: ka ba abokin aikinka shafin, ka tambaye shi ko zai iya saɓa maka da abin da ke ciki. Idan babu abin da zai kama ya yi jayayya da shi, shafin bai ƙunshi bayani ba. Wanda ya karanta labarin taku biyun nan yana iya cewa yaron ba tsoro ya ji ba, ladabi ya yi don ya ga tana rubutu, kuma wannan damar ta saɓani ita ake nema.

Ta biyu ta fi wuyar kamawa. Bayan ƴan makonni rubutu yana raguwa, mai bincike yana ganin ba abin da ya faru yau. Wani lokaci alama ce ta cewa bayani ya ƙosa, amma sau da yawa ido ne ya saba. Marar lafiya a kan katifa a ƙasa, wanda ya cika shafi guda a makon farko, yanzu ko layi ba ya samu. Ina bambance su ta hanyar canza wuri ko lokaci. Idan na koma aikin dare ko na bi mai tura keken gawa rubutu ya sake kumbura, to ba ƙosawa ba ce. Yana kuma da kyau a ƙarshen kowane mako a ƙirga muryoyin da ke cikin shafukan. Idan maganganun da aka naɗe kusan duk na nas-nas ne, ko aka fara cewa "dangin G9 masu taurin kai" ba tare da alamar zance ba, to mai bincike ya ari idon teburin. Sabo da ma'aikata abu ne mai kyau, su ke ba ka shayi da ƙarfe biyun dare, amma yana shiga alƙalami ba sallama.

Simon Ottenberg, wanda ya yi aikinsa a Afikpo a ƙasar Ibo, ya ja hankali ga bayanan da ke zaune a kan mai bincike ba su taɓa hawa takarda ba, waɗanda ke ci gaba da canzawa yayin da rubutattun ke nan yadda aka bar su. Wannan dalili ne na kada a koma a gyara tsohon shafi idan fahimta ta canza. A ƙara sabon bayani da kwanan watansa, a bar na farko da kuskurensa.

Amanar abin da aka rubuta

Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta wajabta neman yardar wanda ake bincike a kansa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta kare sirrin marar lafiya. A ɗakin da ake kwantar da sababbi kullum, wasu a sume, masu dubiya na shiga da fita, takardar sa hannu ga kowa ba za ta yiwu ba. Abin da kwamiti ya amince mini shi ne sanarwa a bango da Hausa da Turanci, bayani da baki ga kowane sabon marar lafiya ko mai jinyarsa, da rubutacciyar yarda ga duk wanda zan yi doguwar hira da shi ko in duba takardunsa. Wanda ya ce a'a, gadonsa ba ya shiga littafi ko da abin ya faru a gabana. Da yake mutumin da ke kwance yana iya amsa to don gudun kada a ƙi kula da shi, nakan bari sai nas ba ta kusa in sake tambaya, in kuma faɗa a fili cewa ni ba likita ba ne kuma amsarsa ba za ta taɓa jinyarsa ba.

Canza suna bai isa ba. A ɗakin da shugaba ɗaya ce, kalmar shugabar ɗaki suna ce, kuma nas ɗin da ke aikin yamma a wata rana sananniya ce ga duk mai riƙe da jadawalin aiki. Shi ya sa a labarin G9 ban faɗi wata ko shekara ba, na kuma canza wasu bayanan dattijon da ba su shafi hujjar ba. Ƙaramin littafin ba ya kwana a asibiti, takardar da ke haɗa lambobi da gadajen gaskiya kuma a wani wuri daban take a kulle. An taɓa nemana in faɗi wace nas ce ke bakin aiki a wani dare da aka samu ƙorafi. Na nuna sashen takardar amincewa da ya hana ni ba da irin wannan bayani, wanda na roƙi kwamiti ya sa tun kafin in fara, kuma ina ba duk ɗalibin da zai shiga ɗakin asibiti shawarar ya nemi a rubuta masa irinsa kafin ya karce layin farko.